Daga Kundin Digiri na Biyu zuwa Mujalla: Yadda Za Ka Zaɓi Inda Za Ka Buga Ba Tare da 'Yan Bogi Sun Cuce Ka Ba

Wata Laraba da hantsi wani tsohon ɗalibina ya shigo ofishina a Birnin Kebbi, fuska cike da fara'a, ya durƙusa ya gaishe ni sannan ya miƙo min wayarsa.

"Allah shi gafarta Malam, an dace. Wagga mujalla ta ƙasar waje ta amshi takardata. Kuɗi kawai suka rage, dala tamanin."

Na tambaye shi yaushe ya tura. Ya ce ranar Asabar. Na ce wa ya nuna masa mujallar. Ya ce su ne da kansu suka aiko masa da imel, har suna kiransa Dakta. Daga nan na san inda aka dosa, domin kwana huɗu ba su isa a nemo masana biyu, su yarda, su karanta shafi ashirin, su rubuto ra'ayinsu ba. Abin da ya cece shi shi ne bai biya ba tukuna, kuma bai sa hannu a kowace takarda ba. Abin da muka yi da shi a makonni uku da suka biyo baya shi zan bi da kai a nan daki-daki. Na sakaya sunansa da sunayen mujallun da muka watsar.

Tukuna, me ake nufi da mujallar bogi

Mujallar kirki tana yi maka aiki guda da ba ka iya yi wa kanka: tana ba wasu masanan fanninka, waɗanda ba su san ka ba, su tankaɗe aikinka su rairaye kafin ya fita. Mujallar bogi tana cewa tana yin haka, ta karɓi kuɗinka, amma ba ta yi. Karɓar kuɗi kaɗai ba laifi ba ne, domin akwai manyan mujallu masu mutunci da ke cajin marubuci don kowa ya karanta kyauta. Laifin shi ne ƙarya: ƙaryar bita, ƙaryar editoci, ƙaryar adireshi, ƙaryar cewa suna cikin manyan rumbunan da jami'o'i ke girmamawa.

Wani ma'aikacin laburare a Jami'ar Colorado da ke Denver, Jeffrey Beall, shi ya fara jawo hankalin duniya kan abin a 2010, ya riƙa tara sunayensu a jeri, har ya sauke jerin a Janairun 2017. A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya ƙirƙiri takardar ƙarya kan wani sinadari da wai yana hana ciwon daji yaɗuwa, ya cika ta da kurakuran da ɗalibin shekarar ƙarshe zai gano, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Sunayen marubutan da cibiyoyin da ya ƙirƙira na Afirka ne, abin da har yau yake yi min ɗaci in na tuna. A 2019 kuma wata kotun tarayya a Amurka ta ci kamfanin buga mujallu na OMICS tarar sama da dala miliyan 50 saboda yaudarar marubuta.

Ka lura da wani bambanci da ɗalibai ke yawan ruɗewa a kansa. Mujallar wata tsangaya a jami'ar Najeriya, wadda ke fitowa sau biyu a shekara, wani lokaci ma ta makara, kuma ba ta cikin Scopus, babban rumbun duniya da ke tantance mujallu ya jera su, ba lallai ta zama ta bogi ba. Ƙarama ce, tana iya zama mai rauni, amma in editanta mutum ne da za ka iya samu a ofishinsa a Sakkwato ko Zariya, kuma masu bita na dawo da gyara na gaske, to ta fi wata mai kalmar International a goshinta wadda ba wanda ya san inda take kwana.

Mataki na farko: yanke kundin kafin ka nemi mujalla

Ba za ka san kasuwar da za ka kai kaya ba sai ka san abin da ke cikin buhun. Kundin ɗalibin nan shafi ɗari da 'yan kai ne, kan manoman shinkafar rani a fadamar Argungu da Augie. Ya yi hira da manoma 150, kuma manufofinsa uku ne: bayanin su wane ne manoman, ribar da suke samu a hekta guda, da abubuwan da ke sa manomi ya bar injin ban ruwa mai shan fetur ya koma mai aiki da hasken rana. Abin da ya tura wa 'yan bogin nan kundin ne gaba ɗaya da ya matse ya koma shafi ashirin, har da tarihin masarautar Kabi a gabatarwa.

Na ce masa ya faɗa min a jimla ɗaya abin da ya gano wanda bai sani ba kafin ya shiga fadama. Ya yi ta kewaye, daga baya ya ce: manomin da ke cikin ƙungiya kuma yana da hanyar samun bashi shi ya fi komawa ga injin hasken rana, ilimin boko kuwa bai nuna wani tasiri ba. To wannan ita ce takardar. Manufa ta uku ke nan. Ta farko ta koma tebur ɗaya a sashen bayanin hanyar bincike, ta biyu muka ajiye ta domin wata rana. Babi na biyu, wanda ya ci shafi talatin, ya dawo sakin layi huɗu. Yawancin mujallun fannin suna son kalmomi tsakanin 5,000 zuwa 7,000, amma kowace da iyakarta, za ka gani a ƙa'idojinta.

Wannan yankan shi ya gaya mana wa muke nema. Ba mujallar kimiyyar ƙasa ba, ba ta injiniyoyin lantarki ba. Masu karatunsa su ne masana wayar da kan manoma da masana tattalin arzikin noma.

A nan ne kuma ake gama maganar sunaye. Aikin na ɗalibi ne, sunansa ke gaba. Malamin da ya duba aikin yana shiga in ya sa hannu a tsarawa da gyaran rubutun, kuma dole ya ga takardar ya amince kafin a tura. Kada ka sa sunan kowa bai sani ba, kada kuma ka yarda a lafta maka sunayen mutum biyar da ba su taɓa buɗe kundin ba don kawai za a yi karo-karon kuɗin bugawa.

Mataki na biyu: tambayi takardar ƙarin girma ta wurin aikinka

Wannan gajere ne amma tsallake shi na jawo kuka. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ta Gusau, jami'ar jiha ta Aliero, kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙauran Namoda, kwalejin ilimi ta Argungu, kowace tana da nata ƙa'idojin ƙarin girma, haka ma makarantar karatun gaba da digirin farko da kake son shiga digiri na uku. Je ka ofishin rajistara ko wurin shugaban sashenka ka nemi rubutacciyar ƙa'idar da ake aiki da ita bana, ka karanta da idonka: wace irin mujalla ake ƙirgawa, ana bambanta ta gida da ta waje, ana neman Scopus ko takwaransa Web of Science a matakin da kake, nawa ake yarda ka buga a mujalla ɗaya. Kada ka dogara da "na ji an ce" na ɗakin shan shayi. Ɗalibina malamin kwaleji ne mai son tafiya digiri na uku, saboda haka muka yanke cewa mujallar da ke cikin sanannen rumbu ita za ta fi yi masa amfani, ko da za ta ɗauki lokaci.

Mataki na uku: mujallarka tana cikin jerin manazartarka

Ga abin da na fi so ka riƙe. Kada mujalla ta neme ka, kai za ka neme ta, kuma wurin farawa shi ne shafukan ƙarshe na kundinka. Takardun da ka dogara da su wajen gina aikinka, a wani wuri aka buga su, kuma masu karanta wurin su ne za su damu da abin da ka gano.

Muka buɗe jerin nasa, manazarta saba'in da 'yan kai. Muka cire littattafai, rahotannin hukuma da kundayen wasu. Muka cire duk abin da ya haura shekara goma, domin mujallar da ke da kyau a 2008 tana iya mutuwa ko ta canza hannu. Suka rage kusan talatin. Ya ɗauki takarda da biro yana rubuta sunan kowace mujalla, yana yin zane a gabanta duk lokacin da ta sake fitowa. Guda shida suka fito sau biyu ko fiye. Su ne 'yan takararmu.

Amma fa akwai tarko. Ɗalibin da ya yi nazarinsa da duk abin da ya samu kyauta a intanet yana iya cika jerinsa da takardun mujallun bogi bai sani ba, tunda su ne suka fi sauƙin samu. Don haka fitowa a jerin ba wanke mujalla ya yi ba, tikitin shiga tantancewa ne kawai. In jerinka ya yi ƙaranci, shiga `ajol.info`, rumbun mujallun Afirka da aka fara a 1998, ka duba ta fanni ko ta ƙasa. A can za ka ga irin su Journal of Agricultural Extension ta ƙungiyar masana wayar da kan manoma ta Najeriya, da Nigerian Journal of Basic and Applied Sciences ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Bayero Journal of Pure and Applied Sciences. Su ma ka bi da su ta matakan da ke tafe, kada ka ce ai Malam ya ambace su.

Mataki na huɗu: soka buhun da kanka

Mai sayen shinkafa a kasuwar Kamba ko ta Jega ba ya tsayawa kan abin da mai kaya ya faɗa, ko abin da aka zuba a bakin buhu. Ƙarfe yake sokawa a tsakiya ya ga abin da zai fito. Shafin mujalla bakin buhu ne. Kowa na iya kwafo tambarin Scopus ko na DOAJ, rumbun mujallun da ake karantawa kyauta, ya manna a shafinsa cikin minti biyu. Saboda haka duk abin da mujalla ta faɗa game da kanta, ka je gidan wanda ta ambata ka tambaya. Duk binciken nan kyauta ne, ana yinsa da waya, kuma bai fi minti ashirin ga kowace mujalla ba in sabis na da kyau.

Fara da lambar ISSN, lamba takwas ce da aka raba huɗu-huɗu da ɗan layi, ta ƙarshe wani lokaci harafin X ce. Da ita za ka riƙa bincike, ba da suna ba, domin 'yan bogi na ɗaukar sunan mujallar kirki su sauya kalma ɗaya ko su juya jerin kalmomin. Kwafi lambar ka sa a `portal.issn.org`. Ka duba ko sunan da ya fito shi ne daidai harafi da harafi, da ƙasar da aka yi rajista. Mujallar da ta kira ɗalibina Dakta tana da kalmar European a sunanta, adireshinta na London, amma rajistar lambarta ta nuna wata ƙasa dabam a wata nahiya. Samun ISSN ba shaidar inganci ba ne, kamar lambar mota ce, ɓarawo ma motarsa na da lamba. Amfaninta shi ne ta nuna maka ko ana yi maka ƙarya tun a kan suna.

Daga nan sai `doaj.org`, in mujallar ta ce kowa na karanta ta kyauta. An kafa wannan rumbu a 2003 a Jami'ar Lund ta Suwidin, kuma bayan ya tsaurara sharuɗɗansa a 2014 ya sa kowa ya sake neman shiga, ya kuma cire dubban mujallu a 2016. In mujallar na ciki, za ka ga ko tana caji da adadin kuɗin, da irin bitar da take yi. Za ka kuma yi mamakin ganin cewa mafi yawan mujallun da ke ciki ba su karɓar ko kwabo daga marubuci. Mujallar da ake biya kafin a karanta ba za ta fito a nan ba, kuma wannan ba aibi ba ne gare ta.

Sai Scopus. Ba ka bukatar jami'arka ta biya kuɗin shiga kafin ka duba jerin mujallunsa. Shiga `scopus.com/sources`, sauya akwatin bincike zuwa `ISSN`, sa lambar. In ta fito, kada ka tsaya nan ka yi murna, danna sunanta ka karanta layin `Scopus coverage years`. Shekarar ƙarshe ita ce magana. In ka ga `coverage discontinued in Scopus`, to an daina ɗaukar sababbin takardunta, kuma abin da za ka buga yau ba zai shiga ba, ko da shafin mujallar na ci gaba da taƙama da tambarin. Ɗaya daga cikin shidanmu a nan ta faɗi. An sallame ta shekaru da suka wuce, takardun da ɗalibina ya karanta a cikinta kuwa na zamanin da take da lafiya ne. Shafin `scimagojr.com` yana da amfani wajen ganin matsayin mujalla daga Q1 na sama zuwa Q4 na ƙasa, amma sau ɗaya a shekara ake sabunta shi, don haka maganar ƙarshe ta Scopus ce da kansa.

Na Web of Science kuma yana `mjl.clarivate.com`. A nan ne maganar Impact Factor take, wato ma'aunin yawan ambaton takardun mujalla a wasu takardu. Kamfanin Clarivate kaɗai ke fitar da shi. In mujalla ta rubuta Impact Factor 7 ko 8 da manyan haruffa, amma lambarta ba ta fito a wannan jeri ba, to adadin sayensa ta yi daga masu sayar da lambobin ƙarya. Haka nan kada jerin tambura ashirin a gefen shafi ya ruɗe ka. Google Scholar ba ya tantance ingancin mujalla, yana kwasar abin da ya samu ne, ResearchGate kuma wurin ajiye takardu ne da kowa ke iya buɗewa.

Akwai wata cuta da ta fi waɗannan wuyar ganewa, ita ce satar mujalla. Mutane na buɗe shafi da suna da lambar ISSN na mujallar kirki da ke cikin Scopus, su yi ta karɓar kuɗi. Ka sa lambar, komai ya fito daidai, alhali shafin da kake kai ba na masu ita ba ne. Maganinta biyu. Kada ka shiga shafin mujalla ta mahaɗin da aka turo maka a imel ko WhatsApp, ka shiga ta wanda ke cikin DOAJ, AJOL ko shafin kamfanin da ke buga ta. Sannan ka gwada abin da ke shafin da fannin da rumbun ya ce nata ne: in rumbu ya ce mujallar nazarin tsirrai ce mai fitar da takardu talatin a shekara, kai kuma ka ga ɗaruruwan takardu a kan banki, koyar da Turanci da gyaran kwamfuta, to gidan ɓarayi ka shiga. Shafin Retraction Watch, mai bin diddigin takardun da aka janye, na da jerin irin waɗannan shafuka mai suna Hijacked Journal Checker, sai ka leƙa.

Mataki na biyar: karanta ta, ka nemi mutanenta

Rumbuna na iya kuskure, idonka kuwa naka ne. Sauke takardu uku daga fitowar ƙarshe ka karanta kamar kai ne mai jarrabawa. Ka duba ƙasan shafin farko, inda ake rubuta ranar da aka karɓi takarda da ranar da aka amince da ita. In tazarar kwana biyar ce ko mako guda a dukkan ukun, ba a yi bita ba. A mujallun da na sani, amsar farko kan ɗauki wata ɗaya zuwa uku, wani lokaci fiye, kuma da wuya ta zo ba tare da gyara ba. Ka duba ko teburan sun yi daidai da abin da aka faɗa a rubutu. Ka kwafi lambar DOI ta ɗaya, wato lambar shaidar takarda a intanet, wadda ke farawa da 10 da ɗigo, ka sa ta a `doi.org`, ka ga ko za ta kai ka kan takardar. Mun tarar da wadda ta ƙera lambobin DOI da ba su kai ko'ina.

Sai editoci. Ɗauki sunan babban edita da mutum biyu daga cikin kwamitin, ka neme su a shafin jami'o'insu. Ga na gida, wannan layin a Google kan taimaka:

```
"cikakken sunan editan" site:edu.ng
```

Abin da kake nema shi ne mutumin na nan da gaske, fanninsa ya dace, kuma shi da kansa ya ambaci mujallar a tarihin aikinsa. In kana shakka, rubuta masa gajeren imel ta adireshin jami'arsa, ka ce kana shirin turo takarda, shin yana cikin editocinta? 'Yan bogi na ɗora sunaye da hotunan farfesoshi ba da saninsu ba. Amma kada ka yanke wa mujallar gida hukunci don kawai editanta na amfani da Gmail ko Yahoo, wannan ruwan dare ne a jami'o'inmu. Abin dubawa shi ne ko akwai mutum na gaske a bayan adireshin.

Kuɗi kuma dole a gan su a rubuce a shafin tun kafin ka tura. Wadda ta ɓoye farashi sai bayan ta ce ta karɓa, ko ta ce in ka ƙara dala kaza za a buga cikin awa 72, ko ta ce ka tura kuɗi asusun wani mutum a wata ƙasa, ka bar ta. Wasu mujallun gida na karɓar ɗan kuɗin bita tun farko, sannan kuɗin bugawa in an amince. Wannan ba alamar cuta ba ce in an bayyana shi, in kuma biyan bai hana a ƙi takardarka ba. Manyan kamfanoni kuwa da yawansu na da rangwame ko yafiya ga marubutan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, amma a lokacin turawa ake nema, ba bayan an amince ba.

Yadda shidan suka ƙare

Ta farko an sallame ta daga Scopus. Ta biyu lambobin DOI ɗinta na ƙarya ne, kuma tana buga kowane fanni daga tiyata zuwa adabi. Ta uku mujallar kirki ce ƙwarai, tana Q1, amma da muka karanta `Aims and Scope` da takardunta na bara, muka ga aikinsu kan ɗauki dubban gidaje a ƙasashe da dama. Binciken manoma 150 a ƙananan hukumomi biyu edita zai dawo da shi cikin mako guda bai ma aika wa masu bita ba. Ta huɗu ta cika kowane sharaɗi sai dai kuɗinta ya haura dala dubu, rangwamen da za ta yi masa kuma bai sauko inda albashinsa zai kai ba.

Saura biyu. Ɗaya ta wata ƙungiyar masana ce, tana AJOL da DOAJ, shekarunta a Scopus sun kai har bana, ta buga takardu uku kan karɓar sababbin dabarun noma a arewacin Najeriya cikin shekara biyu, kuma kuɗinta da naira ne. Ɗayar ta wata tsangayar aikin gona ce, tana AJOL kaɗai, amma mun san editanta kuma mun ga irin gyaran da take dawowa da shi. Muka sa ta ƙungiyar a farko, ta tsangayar a biyu. Ɗaya bayan ɗaya ake turawa. Aika takarda guda ga mujallu biyu a lokaci ɗaya laifi ne a wannan sana'a, in aka gano duka biyun na iya watsar da kai.

Kafin turawar ya bi `Author Guidelines` layi-layi: yawan kalmomi, salon manazarta, cire sunansa daga fayil ɗin da masu bita za su gani. Ya buɗe lambar shaidar marubuci ta ORCID kyauta a `orcid.org`. A wasiƙarsa ga edita ya faɗi a fili cewa takardar daga kundin digirinsa na biyu ta fito, ya ambaci jami'ar da shekarar. Yawancin mujallu ba su ɗaukar kundi a matsayin abin da aka riga aka buga, amma in kundin na kan intanet manhajar gano kwafe za ta nuna kamanni mai yawa, gara edita ya ji dalilin daga bakinka.

In ka riga ka faɗa

Sai da muka warware ƙullin farko kafin duk wannan, domin takardarsa na hannun waɗancan. Bai biya ba, bai sa hannu kan miƙa haƙƙin mallaka ba, don haka ya rubuta musu layi uku: ya janye takardarsa mai take kaza, bai ba da izinin buga ta ba, su tabbatar masa a rubuce. Suka dawo da rangwame, dala arba'in. Ya sake aika saƙon nan dai. Suka ce sai ya biya kuɗin janyewa. Na ce kada ya biya, tunda babu inda shafinsu ya ambaci wannan kuɗi lokacin da ya tura. Ya adana duk saƙonnin da hotunansu, ya ba su wa'adin mako biyu, ya riƙa neman taken takardar a Google yana duba ko sun ɗora ta. Ba su ɗora ba. Da ya zo tura wa mujallar kirkin, ya faɗa wa editan abin da ya faru, ya haɗa da wasiƙar janyewar.

Wanda ya riga ya biya har aka ɗora takardarsa, lamarinsa ya fi tsauri. Kada ya sauya take ya tura wani wuri a ɓoye, wannan bugu biyu ne, kuma laifin zai koma kansa. Ya nemi a sauke ta a rubuce, ya sanar da malaminsa, in kuma zai kai ta wata mujalla ya faɗi gaskiyar tun a wasiƙar farko, edita ya yanke hukunci. Sau da yawa abin da ya fi sauƙi shi ne a haƙura da waccan, a koma kundin a ciro manufar da ba a taɓa ba a gina sabuwar takarda a kanta.

Bayan mako goma sha ɗaya ɗalibin ya dawo, wannan karon ba fara'a.

"Malam, sun ce sai na yi babban gyara. Shafi uku na tambayoyi. Mi zan yi?"

Na karɓa na karanta. Mai bita na farko ya tambayi yadda aka zaɓi manoman 150 daga ƙauyuka nawa, da dalilin da ya sa babu mace ko ɗaya a cikinsu. Na biyu ya lura cewa shiga ƙungiya da samun bashi suna tafiya tare a fadama, domin ta hannun ƙungiya ake samun bashin, ya ce a gwada ko ɗayan ne ke ɗauke da nauyin ɗayan a lissafin. Tambayar nan ni kaina ban yi masa ita ba lokacin da nake duba kundin. Muka jawo kujera, ya buɗe fayil ɗin bayanansa, muka yi tebur mai gida uku: abin da mai bita ya ce, abin da aka gyara, da shafin da gyaran yake. An ba shi kwana talatin, ya mayar a rana ta ashirin da shida.